Rubutun da ke sa mai bincike ya danna bayan Google ya ba da amsa

A watan Mayun 2024 kamfanin Google ya fara nuna wa masu bincike a Amurka taƙaitacciyar amsa a saman sakamakon bincike, wadda ƙirƙirarriyar basira ke harhaɗawa daga shafuka daban-daban. Sunanta AI Overviews, kuma kafin ƙarshen shekarar ta isa ƙasashe sama da 100. Cibiyar bincike ta Pew ta bi diddigin yadda Amurkawa 900 suka yi bincike a watan Maris na 2025, ta gano cewa idan taƙaitawar ta bayyana, sau 8 ne kawai cikin 100 ake danna wani shafi, alhali idan babu ita sau 15 ne. Ke nan marubucin da ke dogaro da Google wajen samun masu karatu yana iya rasa kusan rabinsu ba tare da rubutunsa ya lalace ba.

Sai dai ba kowace tambaya ce taƙaitawar ke gamawa da ita ba. Wadda amsarta ba ta wuce layi ɗaya ba, kuma ɗaya ce ga kowa a ko'ina, ita ce ta fi saurin kuɓucewa. Misali, mai tambayar kwana nawa ƙwan kaza ke yi kafin ya ƙyanƙyashe zai ga 21 a saman waya, ya rufe. Rubutun da aka gina kacokan a kan wannan amsa, aka ja shi da doguwar shimfiɗa kan amfanin kiwon kaji, ya rasa abin sayarwa.

Amma mutumin nan bai gama ba. Galibi ya zuba ƙwai a injin ƙyanƙyasa ne, kuma tambayarsa ta gaba tana nan tafe: yau kwana 22 babu ko ɗan tsako, me ya faru? Ita wannan amsarta ta danganta da halin da yake ciki, kuma a nan ne marubuci ke da gurbi. Rubutu mai kyau zai faɗi kwana 21 ɗin tun a layin farko, don ɓoye amsa a ƙasa ba ya jawo kowa, sannan ya shiga abin da ya fi ƙarfin taƙaitawa. Zai bayyana cewa zafin injin mai fanka ya kamata ya tsaya wajen digiri 37.5, kuma jinkirin ƙyanƙyasa yawanci alama ce ta ƙarancin zafi, fitowa da wuri kuwa alamar ya yi yawa. Zai nuna yadda ake haska ƙwai da tocila a kwana na 7 zuwa na 10, da hoton da marubucin ya ɗauka da kansa na ƙwan da jijiyoyi suka fito a ciki da wanda ya tsaya fayau. Zai ce a daina juya ƙwai a kwana na 18, a ƙara danshi. Sannan ya tsaya a kan abin da mai kiwo a Kano ko Maraɗi ke fama da shi: ɗaukewar wuta cikin dare, da bushewar iskar hunturu da ke sa tantanin ƙwai ya manne wa ɗan tsako ya kasa fita. Taƙaitawa tana ɗibo ne daga abin da shafuka da yawa suka yi tarayya a kai, don haka irin wannan bayani na wanda ya gani da idonsa ba kasafai take iya maye gurbinsa ba. Google ma tun Disambar 2022 ya sanya ƙwarewar wanda ya taɓa yin abu da hannunsa cikin ma'aunan da masu tantance masa ingancin shafuka ke dubawa.

Dole kuma take ya nuna wannan bambanci, domin shi ne kusan duk abin da mai bincike ke gani. "Kwana nawa ƙwai ke ƙyanƙyashewa" alkawari ne da aka riga aka cika a sama. "Ƙwai ya wuce kwana 21 bai fashe ba: yadda ake gane ko zafi ne ko danshi" yana ba da dalilin dannawa.

Ana gane rubutun da taƙaitawa ta cinye ta hanyar Search Console, wanda Google ke bayarwa kyauta. Idan adadin Impressions, wato sau nawa aka nuna shafin, yana nan yadda yake, matsayinsa bai sauka ba, amma Clicks na raguwa wata bayan wata, to akwai alamar ana samun amsar tun daga sama. Idan kuwa matsayin ne ya faɗi, matsalar daban ce, wataƙila wani ya yi rubutun da ya fi shi. Kafin a yanke hukunci, ya kamata marubuci ya rubuta tambayar da kansa a waya ya ga abin da ke fitowa.

Akwai masu toshe taƙaitawar da wannan umarni a cikin shafi:

```
<meta name="robots" content="nosnippet">
```

Yana hana a ɗauki kalmomin shafin zuwa AI Overviews, amma yana share har ɗan bayanin da ke fitowa ƙarƙashin take a sakamakon da aka saba, kuma taƙaitawar za ta ci gaba da bayyana da bayanan wasu shafuka. Ga yawancin ƙananan marubuta asararsa ta fi ribarsa. Gara a ɗauki tsoffin rubuce-rubucen da dannawarsu ta ragu, a bar gajeriyar amsar a sama, a ƙara musu tambaya ta biyu da cikakkiyar amsarta.