Dalar Waje, Harajin Gida: Yadda Ake Lissafin Harajin Cinikin Yanar Gizo

A Babbar Kasuwar Katsina, ba kowane mai saye ne ke tako ƙafarsa zuwa bakin rumfa ba. Mai sayar da huluna ko jakunkunan fata yakan ɗauki hoton kayansa da wayar hannu ya ɗora a yanar gizo, wani Bahaushe da ke zaune a Landan ko Jidda ya gani ya saya. Haka nan matashin da ke ɗaukar bidiyon girke-girke ko wasan barkwanci yakan sami rabonsa daga tallace-tallacen da kamfanin Google ke sakawa a YouTube. Kuɗin waɗannan mutane biyu da Dala suke zuwa, wani lokaci kai tsaye cikin banki, wani lokaci ta hannun kamfanonin biyan kuɗi irin su Payoneer. Da yawansu sun ɗauka cewa tun da kuɗin daga waje suka fito, hukumar haraji ta gida ba ta da haƙƙi a cikinsu. Doka ba haka ta ce ba.

Dattawan Katsina idan aka ce haraji, abin da suke tunawa shi ne kuɗin kai da jangali, waɗanda Gwamna Balarabe Musa ya soke a 1979, lokacin da Katsina ke cikin Jihar Kaduna. Wancan haraji kan mutum da kan saniya yake ƙirgawa. Harajin kuɗin shiga kuwa abin da mutum ya samu a shekara yake dubawa. Dokar da ta daɗe tana tafiyar da shi ita ce ta 1993, har zuwa ranar 26 ga Yuni, 2025, da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, wadda ta shafi harajin kuɗin shiga daga cikinsu kuwa ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026.

Ginshiƙin dokar shi ne mazauni. Duk wanda yake zaune a Nijeriya, ana ɗora masa haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito, ko ya shigo da shi gida ko bai shigo da shi ba. Saboda haka ɗan kasuwar da ya bar Dalarsa a asusun Payoneer yana jiran ta ƙara daraja bai kuɓuta ba, domin ranar da aka yi ciniki ne samu ya tabbata, ba ranar da ya ciri kuɗin ba. Sa'an nan harajin mutum ɗaya ba na hukumar tarayya ba ne. Na jihar da yake zaune ne, wato a nan Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Katsina. Ma'aikacin gwamnati ana cire nasa tun daga albashi. Mai sana'ar kansa kuwa shi zai yi lissafi da hannunsa, ya kai wa hukuma bayanin shekarar da ta shige kafin ƙarshen watan Maris.

Haraji a kan riba yake hawa, ba a kan ciniki ba, kuma hawa-hawa ne kamar matakalar bene. Naira 800,000 na farko a shekara ba a karɓar kome a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 da ke bin su kashi 18, haka yake hawa har ya kai kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Kowane mataki kuɗin da suka faɗo cikinsa kawai yake taɓawa. Wanda ya taka matakin kashi 18 ba dukan ribarsa ce za a yanka da kashi 18 ba.

A ƙaddara wani mai huluna a Babbar Kasuwa ya yi cinikin Dala 8,000 a shekara ta yanar gizo. Dandalin da ya tallata kayansa da kamfanin da ya biyo da kuɗin suka cire ladarsu, Dala 800, ya rage Dala 7,200 suka iso hannunsa. Domin sauƙin lissafi, a ɗauka Dala ɗaya Naira 1,500 ce duk tsawon shekarar. A zahiri farashin yana motsi, kuma farashin hukuma na Babban Bankin Nijeriya ake bi, ba na 'yan canji ba, don haka kowane ciniki da farashin ranarsa ya kamata a rubuta shi.

Cinikinsa ke nan Naira miliyan 12. Daga nan sai a zare abin da ya kashe domin samun wannan ciniki. Ladar da aka cire a waje ta kama Naira miliyan 1.2. Sayen huluna daga hannun maɗinka da wankinsu da gugarsu ya ci miliyan 4.4, aikawa da kaya ƙasashen waje miliyan 1.5. Hayar rumfa Naira 300,000, katin waya da data 120,000, ladar yaron shago 480,000. Idan aka tara, miliyan 8 cif ne, riba ta tsaya a miliyan 4. Kuɗin cefanen gida, da na makarantar yara, da gudummawar biki ba sa shiga wannan lissafi, domin ba su ne suka kawo ciniki ba.

Akwai wani rangwame da sabuwar doka ta kawo. Mai zaman gidan haya zai iya zare kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, muddin rangwamen bai wuce Naira 500,000 ba. Idan mai hulunan yana biyan hayar gida Naira 500,000, sai a zare masa 100,000, ya rage miliyan 3.9. Naira 800,000 na farko sun wuce ba kome. Miliyan 2.2 da ke biye sun ba da Naira 330,000. Sauran 900,000 a kashi 18 sun ba da 162,000. Harajinsa na shekara ya zama Naira 492,000, wato ɗan fiye da kashi 12 cikin ɗari na ribarsa.

Wannan lissafi ya yi kamar ba ya sayar wa kowa hula a bakin rumfa. Idan yana sayarwa, ribar gida ba tulinta daban ba. Ana ɗora ta a kan ta waje, kuma tun da ya riga ya hau matakin kashi 18, daga nan za ta fara.

Inda gizo ke saƙar shi ne shaida. Ma'aikacin haraji yana iya ganin Naira miliyan 10.8 da suka faɗo asusun banki, amma ba ya ganin miliyan 4.4 da aka biya maɗinka hannu da hannu. Idan mutum bai kai bayani ba, ko ya kai ba tare da takardu ba, doka ta ba hukuma damar ƙiyasta masa gwargwadon abin da ta gani. A mafi munin hali, da za a ɗauki miliyan 10.8 ɗin nan dukansu a matsayin riba, harajin zai kai Naira 1,734,000, ya ninka na gaskiya fiye da sau uku. Abin da ke tsakanin adadin biyu littafin ciniki ne, da rasiɗin aika kaya, da bayanin wata-wata da kamfanin biyan kuɗi ke bayarwa. Gobarar da ta ci ɗimbin rumfuna a wannan kasuwa a watan Maris na 2021 ta isa ta nuna cewa littafin da ke kwana a rumfa kaɗai ba ajiya ba ne. Ɗaukar hotonsa a kai a kai ya fi. Haka kuma asusu ɗaya da ake zuba kuɗin ciniki, da adashi, da saƙon ɗan'uwa daga Saudiyya, wahala yake jawowa, domin mai asusun ne zai zauna yana rarrabe wanda yake riba da wanda yake kyauta ko bashi.

Mai bidiyo lissafinsa iri ɗaya ne, sai dai akwai wata wuƙa da ke yankarsa tun kafin kuɗin su baro waje. Tun daga watan Yuni na 2021, Google ke cire harajin Amurka daga abin da masu tashoshin YouTube suka samu a kan masu kallo da ke cikin Amurka. Ƙa'idar Amurka ita ce kashi 30 cikin ɗari, sai an rage wa 'yan ƙasar da ke da yarjejeniyar haraji da ita, Nijeriya kuwa ba ta da irin wannan yarjejeniya da Amurka. Ana neman mai tasha ya cika bayanan harajinsa a asusun AdSense, a takardar da ake kira W-8BEN, wadda ke shaida cewa shi ba Ba'amurke ba ne.

A ce wani matashi yana samun Dala 500 a wata, amma tun da bidiyonsa da Hausa ne, Dala 50 kawai suka fito daga masu kallon Amurka. Idan ya cika takardar, kashi 30 na Dala 50 za a cire, wato Dala 15. Idan bai cika ba, ana iya cire har kashi 24 na dukan samunsa na duniya, wato Dala 120. A shekara, Dala 180 ke nan a gefe guda, Dala 1,440 a ɗaya gefen. Mai tashar da ya ga kuɗinsa suna raguwa da kusan kwata ba tare da masu kallo sun ragu ba, wannan shafi ne farkon inda ya kamata ya duba. Takardar kuma ba ta har abada ba ce, takan ƙare bayan shekara uku, sai an sabunta.

Abin da Amurka ta cire bai shafe harajin gida ba. Ita rabonta ta ɗauka daga masu kallonta, Katsina kuwa tana duban samun mutumin ne gaba ɗaya. Sai dai dokar 2025 ta yarda a rage wa mutum harajin da ya riga ya biya a waje a kan kuɗin da aka shigo da su ta halattacciyar hanya, kuma ragin ba zai wuce harajin da Nijeriya za ta ɗora wa wannan ɓangaren kuɗin ba. Shaidar biyan ita ce takardar 1042-S da Google ke fitarwa kowace shekara. Wanda ya karɓi Dalarsa ta asusun wani aboki, ko ya sayar da ita ga ɗan canji ba tare da ta bi ta banki ba, da wuya ya iya kafa wannan hujja.

Wani abu da ya jawo ƙananan masu samu cikin raga shi ne faɗuwar Naira. Kafin watan Yuni na 2023, Dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen Naira 460. A cikin 2024 ta haura 1,500. A farashin 1,500, Naira 800,000 ba su wuce Dala 533 ba, wato ribar kimanin Dala 45 a wata ta isa ta kai mutum bakin matakin biya. Lambar ɗan ƙasa ta NIN ita ce ke zama lambar harajin mutum ɗaya, kuma tana haɗe da asusun banki da layin waya, don haka ɓuya ta yi wuya fiye da da. Wanda kuwa ya ƙi kai bayanin shekara, tarar da doka ta yanka ita ce Naira 100,000 a watan farko, da Naira 50,000 a kowane watan da ya biyo baya. Ga mai hulunan nan, jinkirin wata tara kawai zai tara masa Naira 500,000, abin da ya ɗara harajin kansa.