Idan Ofis Zai Rubuta wa Ma'aikacinsa Ta'aziyya

A ƙasar Hausa takarda ba ta cim ma jana'iza. Wanda ya rasu da asuba, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida domin zaman makoki na kwana 3. Shi ya sa manajan da ya san ya kamata yakan fara da kiran waya, ya tura wakilai, sannan takardar ofis ta biyo baya kafin a tashi daga zaman.

A ɗauka direban wani kamfani ne a Kano, mahaifiyarsa ta rasu ran Talata a ƙauye. Takardar za ta hau kan takardar kamfani mai tambari, da kwanan wata, a kira shi da Malam da cikakken sunansa. Jimlar farko ta faɗi abin da ya faru: “Mun samu labarin rasuwar mahaifiyarka, kuma a madadin dukkan ma'aikata ina miƙa ta'aziyya gare ka da 'yan'uwanka.” Kalmar ita ce rasuwa, “ta mutu” na da kaushi a kunnen mai makoki.

Sai addu'a, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Ga Musulmi: Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya ba ku haƙurin rashi. Idan ma'aikacin Kirista ne, “Allah ya ta'azantar da ku” ya fi zama daidai. Sakataren da ya ɗauko tsohuwar takarda ya canza suna kawai, nan da nan ake gane shi: sai a ga “ya gafarta masa” alhali uwa aka rasa. Wannan “masa” ɗin ya isa ya nuna wa direban cewa ba wanda ya karanta kafin a sa hannu.

Sashen da ya fi yi masa amfani shi ne na hutu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun shekara da na rashin lafiya, amma ba ta ware na rasuwa ba, saboda haka magana tana hannun kamfani. “Ka ɗauki lokacin da kake buƙata” na da daɗin ji, sai dai mutum ya zauna kan tabarma yana lissafin ko za a yanke masa albashi. Gara a rubuta ƙarara: “An ba ka hutu zuwa Litinin, albashinka cikakke, an kuma samu mai riƙe motar.”

Kuɗin gudummawa kuwa a ambulan dabam suke tafiya, a hannun wakilai. Maganar makullin ofis ko aikin da ya bari ta jira ya dawo. Sa hannun ya zama na shugaban da kansa, da biro.