Injin shinkafa da bashin banki: wane lissafi za a saurara a Jahun?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar injin casar shinkafa a Jahun bayan girbi ya san yadda wurin yake. Ɓuntu na tashi yana shiga ido, yara na jan buhunan shanshera, mata masu gumi sun jera kwarya da roba suna jiran layi, mai injin kuma yana kallon waɗanda suka gaji da jira suka ɗauki kayansu suka tafi wani wuri. A irin wannan lokacin ne zuciya take raya masa cewa da ya samu babban inji mai tsince tsakuwa, da duk wannan ciniki nasa ne. Daga nan sai maganar bashi ta taso.

Akantoci suna da ma'auni biyu da suke ɗora irin wannan shawara a kai. Na farko shi ne ribar jari, wanda a takardun banki ake rubuta shi ROCE: a ɗauki ribar shekara kafin a cire kuɗin ruwa da haraji, a raba ta da dukkan jarin da ke aiki a sana'ar, na mai ita da na aro. Na biyu shi ne nauyin bashi, wato kashi nawa ne na aro a cikin wannan jarin. Sau da yawa ɗaya yana cewa a ci bashin, ɗayan yana cewa a dakata.

Mu ɗauki misali, da alƙaluman da na tsara don lissafi ya fito fili. Mai inji yana da jarin naira miliyan 30, duk nasa: fili, rumfa, inji, janareta da shansherar da ke ɗaki. Bayan ya cire man inji, ladan ma'aikata, gyare-gyare da tsufan inji, yana samun miliyan 9 a shekara. Ribar jarinsa kashi 30 cikin 100 ke nan. Banki ya ce zai ba shi miliyan 20, ruwa kashi 28, a biya cikin shekara huɗu. Wannan ruwan ba abin mamaki ba ne, domin a watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai nasa ma'aunin ruwan kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗorawa. Mai injin zai ce 30 ta fi 28, saboda haka akwai riba.

A nan kuskuren farko yake. Wannan kashi 30 ɗin labarin tsohon jari ne, kuma yawanci ya kumbura. Injin da aka rubuta a littafi miliyan 5 tun kafin a saki naira a watan Yunin 2023, yau mai yiwuwa sai an ba da miliyan 15 kafin a samu irinsa. Idan aka sa farashin yau, jarin ya zama miliyan 40, ribar jari ta sauko kashi 22 da rabi, ƙasa da ruwan banki. Ga kuma abin da na sha gani: mai sana'a ba ya yanka wa kansa albashi, ƙannensa biyu suna aiki a kan abinci da kuɗin kashewa, sai a lissafa guminsu a matsayin riba. Abin da ya kamata a auna shi ne ribar da sabon kuɗin zai kawo shi kaɗai, domin shi ne za a biya wa ruwa.

To, mu ce ya zauna ya lissafa da gaskiya, ya ga sabon injin zai ƙara masa miliyan 7 a shekara, wato kashi 35 na miliyan 20. Ma'auni na farko ya yarda. A shekara mai kyau ribarsa ta zama miliyan 16, ya biya ruwa miliyan 5.6, saura miliyan 10.4. Ya fi da, amma da miliyan 1.4 kacal. Kuma daga ciki zai fitar da miliyan 5 na uwar kuɗi, wanda ribar jari ba ta ma san da shi ba, don ba ya shiga lissafinta.

Yanzu a saurari ma'auni na biyu. Bashin miliyan 20 a cikin jarin miliyan 50 ya zama kashi 40. A kamfanin da cinikinsa ba ya yankewa, wannan ba wani abin tsoro ba ne. Amma shinkafar wannan yanki a kwarin kogin Haɗejia take, kogin da ruwansa ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa a ƙasa. Mun ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa gonakin Jigawa. Idan ruwa ya cinye shinkafar damina, shanshera ta yi tsada a Gujungu da Haɗejia, masu kawo casa su ragu, inji ya wuni a kashe. Ba ruwa kaɗai ba: da gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, farashi ya faɗo daga baya, wanda ya cika ɗaki da shanshera mai tsada ya ji a jikinsa.

A irin wannan shekara, a ce ribar duka ta sauko miliyan 6: uku da rabi daga tsohon inji, biyu da rabi daga sabo. Da bai ci bashi ba, miliyan uku da rabin nan nasa ne, ya yi haƙuri ya jira noman rani. Da bashi kuwa, ruwa ya ɗauke miliyan 5.6, saura masa dubu 400, ga miliyan 5 na uwar kuɗi na jiransa. Giɓin miliyan 4.6 daga ina zai fito? Daga kuɗin sayen shanshera, wato ya yanke wa injin abincinsa, ko ya sayar da shanu, ko takardar filin da ya ba da jingina ta shiga haɗari. Alamar tana bayyana da wuri ga mai lura: a raba riba da kuɗin ruwa. A shekara mai kyau ribar ta kusa ninka ruwan sau uku, a mummuna da ƙyar ta biya shi sau ɗaya.

Wani zai ce shi ba ya cin bashi da ruwa, ta bankin Musulunci zai bi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012. Wannan ya warware masa matsalar addini, kuma babba ce. Sai dai a murabaha banki ne zai sayi injin ya sayar masa da riba sananniya, biyan kuma yana da ranarsa ko kogi ya cika ko bai cika ba. A lissafin nauyin bashi, nan ma za a rubuta shi. Abin da ke rage nauyin da gaske shi ne abokin tarayya da zai zuba kuɗi a raba riba a raba asara, ko da yake ba kowa ke son a shigo masa cikin sana'a ba.

Ni a ganina, ribar sabon jari ce take faɗin ko faɗaɗawar ta cancanta, amma a ƙasar da ambaliya ke iya raba ciniki biyu, nauyin bashi ne ya kamata ya yanke adadin da za a karɓa, kuma da alƙaluman mummunar shekara za a auna shi. Mai injin namu zai iya karɓar miliyan 8 kawai, ya sayi na'urar tsince tsakuwa da ta gogewa ya haɗa da tsohon injinsa. Nauyin bashinsa zai tsaya wajen kashi 21. Ruwa miliyan 2.24, uwar kuɗi miliyan 2, jimla miliyan 4.24 a shekarar farko. Ko da ambaliya ta mayar da ribarsa miliyan huɗu da rabi, zai biya banki ba tare da ya taɓa kuɗin shanshera ba, babban injin kuma ya bari sai ya ga abin da damina biyu za su yi.