Wasiƙar da ke cewa a'a ba tare da ta kori abokin ciniki ba

A Kasuwar Singa da ke Kano, kaya da yawa suna fita ne a kan amana. Mai shago daga Haɗeja ko Gumel ya ɗauki sukari da taliya da man girki, ya sayar, sannan ya turo kuɗi. Rigima takan taso ne ranar da ya nemi a ƙara masa wa'adi, babban dila kuma ya ga ba zai iya ba. Wasu dilolin sukan ce “za mu duba” su yi shiru. Masu tsari sukan rubuta amsa, a takarda mai hatimi ko ta waya.

Mu ƙaddara wani mai shago yana ɗaukar kayan naira miliyan 3 duk mako biyu, yana biya kafin ya ɗauki na gaba. Sai ya roƙi a mayar da wa'adin mako shida. A wurinsa ƙarin kwanaki kawai ya nema. Amma kafin ya biya lodin farko ya riga ya ɗauki na biyu da na uku, don haka bashin da ke kansa a kowane lokaci ya tashi daga miliyan 3 zuwa miliyan 9. Dila kuwa sau da yawa sai ya zuba wa kamfani kuɗi kafin a yi masa lodi, wato sai ya nemo ƙarin miliyan 6 daga wani wuri.

Ribar sari siririya ce. In dila yana cin kashi 3 cikin ɗari, lodi biyu na wata suna kawo masa naira 180,000. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance. Ko a kan kashi 30 ne, miliyan 6 za ta ci naira 150,000 a wata, ribar ta kusa ƙarewa ke nan. Dilan da ba ya taɓa kuɗin ruwa ma bai tsira ba, domin a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30, kuɗin da ya dawo bayan mako shida ba ya sayen yawan buhunan da suka fita.

Wasiƙa mai kyau ba ta jera wannan lissafi duka. Bayan gaisuwa da godiya kan yadda mutumin ke cika alkawari, sai ta faɗi hukuncin tun da wuri: “Alhaji, mun samu buƙatarka ta mayar da wa'adin biya mako shida. Muna ba ka haƙuri, ba za mu iya ba. Kuɗi hannu muke sayen kayan nan, jarinmu ba zai ɗauki bashin da ya wuce kwana 14 ba.” Dalilin yana kan jarin dila, bai taɓa mutuncin mai shago ba. Wannan ne abin da na fi dubawa, domin da zarar wasiƙa ta fara tuna wa mutum ranar da ya makara da biya, ta zama tuhuma, kuma gobe a shagon maƙwabci za ka gan shi.

Daga nan sai tayin abin da zai yiwu. Ana iya raba lodin biyu, ya riƙa ɗaukar na miliyan ɗaya da rabi duk mako, ko a ba shi ragi in ya biya nan take. Wani dilan yakan yarda da kwana 21 a kan kayan da ba sa tafiya da sauri, amma sukari da mai su tsaya a yadda suke. Abin da dilolin da ke kiyaye addini ke gudu shi ne rubuta ƙarin kuɗi a kan bashin da aka riga aka ƙulla saboda jinkiri, don malamai suna ɗaukar wannan riba ce. A ƙarshe a maimaita sharaɗin da ke aiki, da adadin da ke kansa yanzu, da ranar biya, a sa hannu. Sai kuma a sanar da yaran shago, don kada wani ya yi alkawarin baki da ya saɓa wa takarda.

Shi ma mai shago ya karanta da lura. In an ƙi ƙarin wa'adi amma an bar masa yawan kayan da ya saba ɗauka, matsalar jarin dila ce, yana iya sake nema in kasuwa ta lafa. In kuwa an rage masa adadin, ko an ce ya kawo wanda zai tsaya masa, to dila ya fara shakkar biyansa, kuma gara ya ɗauki littafin cinikinsa ya je Kano su zauna.