Girman dabba da girman garke: filin da sa, rago da akuya ke buƙata

Idan Babbar Sallah ta rage wata uku ko huɗu, a kasuwannin dabbobi irin na Wudil, Maigatari da Potiskum za ka ga mutanen gari suna sayen ramammun raguna da shanu don su turke su a gida. Yawancinsu sun yi lissafin dusa da harawa da kuɗin magani. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne wurin da dabbar za ta tsaya, ta kwanta, ta juya. Ana ɗaukar cewa in dai ta shiga ƙofa, to ta samu wuri, alhali matsi na cinye ƙiba kamar yadda ƙarancin abinci ke yi.

Kafin a yi maganar fili, sai an san girman abin da za a sa a ciki. Farar saniyar Fulani, wato Bunaji, idan ta gama girma nauyinta kan kama daga kilo 250 zuwa 350, tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa kuwa wajen santimita 130. Bijiminta yakan kai kilo 350 zuwa 500, wanda aka turke da kyau ma ya wuce haka. Bokolo na ƙasar Sakkwato ya fi shi cika da kauri, ga guntun ƙaho. Rahaji, jan sa na Bororo, dogo ne mai dogayen ƙafafu, kuma ƙahonninsa kaɗai sun isa su sa a ƙara masa wuri, domin idan ya juya kai, duk abin da ke kusa sai ya kauce.

A tumaki, 'Yankasa ita ce matsakaiciya: tunkiya kilo 25 zuwa 35, rago 35 zuwa 45. Uda, mai rabi baƙi ko ja rabi fari, ya ɗara ta tsawo da nauyi. Balami ne babbansu, farin rago mai gantsararren hanci wanda ke haura kilo 60 cikin sauƙi, in ya sha kiwo ya doshi 100. Awaki ba su kai nan ba. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana tsakanin kilo 20 da 30, tsayinta wajen santimita 60, akuyar Sahel kuma ta fi ta tsawon ƙafa ba tare da ta fi ta nauyi sosai ba.

Ba kowa ke da sikeli ba, amma tef ɗin tela na iya ba da kusan nauyin sa. A zagaya ƙirjinsa da tef daidai bayan ƙafafun gaba, a rubuta santimita nawa ne. Sannan a auna tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. A ninka awon ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 10,840. San da ƙirjinsa ya ba da 160, tsawonsa 130, zai fito kilo 307 ko kusa da haka. Ƙiyasi ne, amma ya fi kallon ido, kuma da shi ake gane ko dabba na ƙaruwa daga wata zuwa wata.

To, fili nawa? Babbar saniya ko san turka na buƙatar murabba'in mita 4 a ƙarƙashin rumfa, wato mita biyu a tsaye, biyu a kwance, da aƙalla wani kamarsa a sarari inda zai taka ya sha rana. Ninki biyu a sararin ya fi. Bijimin barbara da saniya mai shirin haihuwa kowanne yana son ɗakinsa daban, mai murabba'in mita 10 zuwa 12. Tunkiya ko akuya murabba'in mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishe ta a rumfa, mai shayarwa a ba ta biyu. Ragon turka shi ma biyu, Balami babba uku. Wanda murabba'in mita bai zauna masa a kai ba, ya dubi ƙyauren ɗakinsa: in aka kwantar da shi ƙasa, ya kusa murabba'in mita biyu, wurin rago ɗaya ke nan.

Dalilin wannan awo yana cikin yadda dabbar ke rayuwa. Sa da rago ba sa gama cin abinci a bakin komi. Sai sun kwanta sun yi tuƙa na sa'o'i da yawa a yini. Idan ƙasa ta jiƙe da fitsari, ko wurin ya yi kaɗan, dabbar takan daɗe a tsaye, tuƙa ta ragu, dusar da aka saya da tsada ba ta zama nama yadda ya kamata. Sannan saniya ba ta tashi tsaye cak. Sai ta fara miƙa kai da wuya gaba, ta ɗaga baya, kafin ƙafafun gaba su biyo. In bango na dab da hancinta, tashi ya zama wahala, har gwiwoyinta su goge.

A ɗauki mai gida da ke da fili a bayan ɗakuna, mita 6 a mita 5, murabba'in mita 30 ke nan, yana son ya sa shanu biyu da raguna goma. Da farko a cire mita ɗaya a tsawon bango don komi da hanyar mai shara da baro: an cire 6, saura 24. Shanu biyu, kowanne 8, sun ɗauke 16. Saura 8, wurin ragunan 'Yankasa huɗu, ko Balami biyu. Goma ba za su zauna ba. In ragunan ya fi so, ya bar shanun gaba ɗaya, filin zai ɗauki goma har da ɗan lungun ware marar lafiya. Ni a ganina wannan lungun bai kamata a rasa shi ba ko da za a rage dabba ɗaya, domin tari da zawo ba sa jira idan numfashi da kashi suna haɗuwa.

Masu ɗaure dabba a turke su ma lissafin bai bar su ba. Igiya mai mita ɗaya da rabi tana ba sa da'irar da ta kai murabba'in mita 7, don haka tsakanin turke da turke ya wuce mita uku, in ba haka ba igiyoyi su sarƙe, dabba ta shaƙe cikin dare. A komi kuwa, kowane sa a ba shi santimita 60 zuwa 75, mai dogon ƙaho fiye da haka, rago ko akuya wajen 40. Inda komi ya gaza, mai ƙarfi ke cin rabon mai rauni, sai mai gida ya ga rago ɗaya na sheƙi, ɗan'uwansa na ramewa, ya ɗauka tsutsar ciki ce.

Garke da kansa yakan nuna idan ya cika. Warin fitsari mai yaji da ke sa ido ƙwalla da safe, cinyoyi da ciki da suka dafe da kashi, tunkuyi da ba ya ƙarewa, ɗingishi da damina saboda kofato ya ruɓe a laka, duk alamu ne. A shiga da tsakar rana, lokacin da suka ƙoshi, a duba ko dukkansu za su iya kwanciya a inuwa lokaci guda. In akwai wadda ta rage a tsaye a rana, a rage yawansu ko a ƙara rumfa. Rufin kwano kuma a ɗaga shi mita biyu da rabi zuwa uku a wurin shanu, a bar gefe a buɗe don iska, a ɗan karkata daɓen ƙasa yadda fitsari zai gangara waje. Awaki a sa musu dandamalin katako su hau, domin ba sa son kwanciya a danshi, shingensu kuma ya kai mita ɗaya da rabi saboda tsalle.