Akawun Ofisa Ya Tafi: Yadda Ake Miƙa Abokin Ciniki Ga Sabon Hannu

A Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, idan aka tambayi babban ɗan kasuwa da wane banki yake hulɗa, sau da yawa sunan mutum zai fara fitowa daga bakinsa kafin sunan bankin. Mutumin nan shi ne akawun ofisansa, wato ma'aikacin da banki ya ɗora wa kula da asusunsa. Shi ake kira idan an tura kuɗi ba su shiga ba, shi ke bibiyar takardar rance, shi ke sa a gyara na'urar POS ranar da ta ƙi aiki kasuwa tana ci. Shekara uku ko huɗu ana haka, ɗan kasuwa ya daina shiga layi, ya manta ma da fuskar manaja.

Sai wata rana a kira lambar, a ji ta a kashe.

Tafiyar ma'aikacin banki ba baƙon abu ba ce a Najeriya. Ana yi musu canjin reshe, wasu bankuna na zawarcinsu, wasu kuma a sallame su. Haɗewar bankuna ma na kawo ta da yawa a lokaci guda: a 2005 bankuna 89 suka koma 25 bayan Babban Bankin Najeriya ya ɗaga jari zuwa naira biliyan 25, a 2019 kuma Access ya haɗiye Diamond. Kowace irin wannan girgiza tana nufin dubban 'yan kasuwa sun wayi gari da sabuwar murya a waya. Abin da ke raba bankin da ya riƙe mutanensa da wanda ya rasa su yakan faru ne cikin makonni biyu ko uku na farko, kuma yawancinsa ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: daga bakin wa abokin ciniki ya fara jin labari?

Bai kamata ya ji daga bakin sabon jami'in ba. Dalilin farko na tsaro ne. Shekara da shekaru bankuna suna gargaɗin jama'a kada su yarda da wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake, domin da wannan kalmar 'yan damfara ke karɓar lambar sirri ta kati da lambar OTP. Idan baƙuwar lamba ta kira Alhaji ta ce "ni ne sabon akawun ofisanka", kuma ya kashe wayar, daidai ya yi. Don haka gabatarwa aikin wanda aka riga aka sani ne: ko tsohon jami'in kafin ya tafi, ko manajan reshe. A fara da kiran waya daga lambar da Alhaji ya adana, a biyo da wasiƙa mai tambarin banki da sa hannun manaja, ɗauke da cikakken sunan sabon jami'in, da lambarsa ta aiki, da ranar da zai karɓa, da lambar wani na biyu a reshen da za a iya kira don tabbatarwa. A rubuta a ciki ƙarara cewa lambar asusu da sharuɗɗan rance ba su canja ba, kuma sabon jami'in, kamar tsohon, ba zai taɓa tambayar lambar sirri ba.

Dalili na biyu na mutunci ne. Ɗan kasuwar da ke zuba miliyoyi a reshe, ya ji labarin tafiyar jami'insa daga maƙwabcin shago, ya gane matsayinsa a idon bankin ba sai an faɗa masa ba.

A ɗauki misalin dillalin atamfa a Kwari da ke hulɗa da bankin da ba ya karɓar ruwa. Yana da yarjejeniyar murabaha ta naira miliyan 20: banki ya sayi kaya, ya sayar masa da riba sananniya, ya riƙa biya kashi-kashi. Ana sabunta yarjejeniyar duk shekara, kuma saura mako shida ta ƙare. Azumi na ƙaratowa, lokacin da masu sari ke sauke kayan Sallah. Tsohon jami'insa zai bar aiki ƙarshen wata.

Duk abin da aka ambata zuwa nan yana cikin kwamfutar banki, sabon jami'i zai gan shi da kansa. Abin da kwamfuta ba ta sani ba shi ne, wata biyu da suka wuce, a cikin shago, tsohon jami'in ya ce wa Alhaji, "In sha Allahu bana za mu kai ta miliyan 30." Alhaji ya riƙe wannan magana, har ya yi wa masu kawo masa kaya alkawarin oda mafi girma. Haka kuma kwamfuta ba ta san cewa ya ba da kwafin takardar shaidar biyan haraji hannu da hannu ba, ko cewa akwai cajin naira dubu 85 da ya yi ƙorafi a kai aka ce masa ana dubawa, ko cewa ba ya karanta imel, ɗansa na biyu ne ke riƙe da wayar da saƙonnin banki ke shiga.

Wannan ne aikin takardar miƙa aiki, kuma a nan reshe mai tsari ke bambanta da mai sakaci. Shafi ɗaya ya isa ga kowane babban abokin ciniki, amma sai an zaunar da mai tafiya ya rubuta shi tun yana karɓar albashi, sabon yana gefe yana tambaya. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: me ka ce masa za a yi wanda ba a yi ba tukuna? Alkawari kaya ne, kuma a idon Alhaji banki ne ya ɗauka, ba wanda ya tafi ba.

Ranar ziyara su uku ne ya kamata su je: manaja ko mai tafiya, da sabon jami'i, sannan a nemi ɗan nan mai riƙe da waya ya kasance. Da hantsi, kafin kasuwa ta cika, ba ranar Juma'a dab da masallaci ba. Wanda aka sani shi ke buɗe magana bayan gaisuwa: "Alhaji, ga ɗan'uwana da zai ci gaba da kula da kai. Mun zauna da shi a kan komai, har maganar cajin nan." Jimlar ƙarshen ita ce mai nauyi, domin ta nuna ba sai Alhaji ya sake ba da labari daga farko ba, abin da ya fi gajiyar da duk wanda aka canja wa jami'i.

Sabon jami'i kuwa ya rage magana. Kada ya fito da fom ɗin sabon asusu ko tallan wani tsari a wannan zaman, ko da an ɗora masa adadin kuɗin da zai kawo a wata. Ya karanta abin da ya tarar, ya nemi gyara: "Ranka ya daɗe, abu uku na gani a rubuce. Akwai na huɗu da ban sani ba?"

A nan ne maganar miliyan 30 za ta fito, idan ba ta fito a takarda ba. Wurin na da santsi. Akawun ofisa ba ya amincewa da rance shi kaɗai. Yana shirya takardu ne ya tura, kwamitin ba da rance ya yanke, kuma ba abin da ya tabbata sai takardar tayi ta fito an sa hannu. Idan sabon ya ce "ba komai, an gama" don a so shi, ya sayi rigimar da za ta fashe mako shida masu zuwa. Idan ya ce "ni ban san wannan zancen ba", ya mayar da Alhaji maƙaryaci a shagonsa. Amsar da ta dace ita ce ya faɗi inda abu yake: ba a tura buƙatar ƙarin ba tukuna, ga takardun da ake buƙata, zai tura ranar kaza, zai dawo da amsa ranar kaza, kuma yana ba da shawara kada a ƙulla babbar oda sai takardar ta fito. Alhaji ba zai ji daɗi ba. Amma ya samu sauran makonni na neman mafita, maimakon ya ji a lokacin da kaya suka riga suka taso.

Sannan ya zaɓi ƙaramin abu guda ya gama shi cikin makon, kuma cajin dubu 85 ɗin nan ne ya fi dacewa. Ko a mayar da kuɗin, ko a kawo bayani a rubuce. Jinkiri a kansa ma na da haɗari ga reshen, tunda ƙa'idar Babban Banki ta ba abokin ciniki damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna idan bankinsa bai warware ƙorafi cikin wa'adin da aka gindaya ba.

Za a tambaya me ya sa tsohon ya tafi, ba makawa. Gajeriyar gaskiya ta wadatar: an yi masa canji, ko ya bar aiki da bankin. Idan korarsa aka yi, ba a bayyana dalili a shago, ba a kuma ɓata shi, domin wataƙila ya halarci auren 'yar Alhaji. Abin da dole a faɗa shi ne, daga ranar kaza ba ya wakiltar bankin, kada a ba shi kuɗi ko takarda da sunan banki. Idan akwai zargin almundahana, sai a zauna da Alhaji a bi bayanan asusunsa na watannin baya layi-layi. Shi ma mai tafiya akwai iyaka a kansa: bayanan abokan ciniki ba guzurinsa ba ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tsaurara a kan amfani da su ba bisa ƙa'ida ba.

Jami'i ɗaya kan riƙe asusu masu yawa, ba duka za a kai wa ziyara ba. Kuskuren da aka saba yi shi ne a jera su bisa yawan kuɗi kawai. Gara a fara da masu wani abu a kan wuta: rancen da ya kusa ƙarewa, Form M na kayan da ke kan teku, ƙorafin da ba a rufe ba. Hajiyar da ke sayar da laces daga gida, mai ƙaramin asusu amma kuɗinta suka maƙale a tura, ta fi bukatar kira yau fiye da attajirin da ba abin da ke damunsa. Sauran su samu wasiƙa da kiran manaja.

Ɗan kasuwa ba kasafai yake rufe asusu don ya ji haushi ba, shi ya sa reshe kan daɗe bai gane an bar shi ba. Alamun suna cikin lissafi. Kuɗin da ke shiga kullum su fara raguwa alhali kasuwa ba ta faɗi ba. Na'urar POS ta bankin ta koma cikin durowa, ta Moniepoint ko OPay ta hau tebur. Alhaji ya riƙa tsallake sabon jami'i yana kiran manaja kai tsaye, ko a ji har yanzu tsohon yake nema ya sa masa baki. Manajan da ya san aikinsa yakan kwatanta shigar kuɗin kowane babban asusu na wata uku kafin canji da wata uku bayansa, kuma wata guda da gabatarwa yakan kira Alhaji da kansa, ba tare da sabon jami'in yana wurin ba, ya tambaye shi ko ana ɗaukar wayarsa, da kuma inda maganar miliyan 30 ta kwana.