Jadawalin da ke tuna maka wanda ya kamata ka kira yau

A ce kana sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke Kano. Wata hajiya daga Maraɗi ta shigo shagonka ranar 3 ga Afrilu, ta ce za ta aurar da 'yarta, tana son turmi 20 na anko, amma sai ta yi shawara da 'yan uwa. Kun yi musayar lamba, ka ce za ka neme ta nan da mako biyu. Kafin ka ankara wata ya shuɗe, ta sayi ankonta a wani shagon. Lambarta na nan a wayarka. Abin da ya ɓace shi ne ranar da ya kamata ka kira, da maganar da za ka yi mata.

Wannan giɓin ne ƙaramin jadawali a Google Sheets ko Excel yake cikewa, kuma duka biyun suna aiki a waya. Kowane mutum layinsa guda, mai gidaje shida: A suna, B lambar waya, C gari, D ranar da kuka yi magana ta ƙarshe, E abin da aka tattauna, F ranar da za ka sake nemansa. Kada ka wuce haka. Jadawali mai gidaje ashirin ba ya yin mako guda kafin mai shi ya gaji da cikawa.

A gidan E ake gane mai lura. Idan ka rubuta "tana son atamfa", ba ka rubuta komai ba, domin duk wanda ya shigo shagon atamfar yake so. Ka rubuta: "Anko turmi 20, shuɗi ko ruwan toka, biki bayan Babbar Sallah, ta ce farashi ya yi mata yawa, na yi alkawarin tura hotuna kala uku." Ranar da ka kira, bayan gaisuwa sai ka ce, "Hajiya, yaya shirin bikin? Shuɗin nan da kika nuna ya iso." Ka rubuta shi nan take, kafin wani mai ciniki ya ɗauke maka hankali.

Gidan F kuwa shi ne ran jadawalin, kuma ba sai ka ƙirga kwanaki da yatsa ba. Idan hajiya tana layi na biyu, ka sa wannan a F2:

```
=D2+14
```

Sai 17 ga Afrilu ta fito da kanta. Domin layin ya canza launi idan ranar ta zo, ka zaɓi layukan tun daga na biyu, ka shiga Conditional formatting, ka ba shi wannan ƙa'ida:

```
=AND($F2<>"",$F2<=TODAY())
```

Sashen farko yana da dalili: manhajar tana ɗaukar gidan da babu komai a matsayin sifili, don haka idan babu shi, layukan da ba su da rana ma duk sai su yi ja.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne rubuta kwanan wata. Mu a nan rana muke fara rubutawa, sannan wata. Idan saitin jadawalin na Amurka ne, ka rubuta 3/4 da nufin 3 ga Afrilu, shi kuma ya karanta 4 ga Maris. Ka rubuta 25/4, sai ya ajiye shi a matsayin rubutu kawai, tunda babu wata na 25, lissafin kuma ya ƙi aiki. Alamar a bayyane take: kwanan watan da manhajar ta gane yana jingina gefen dama na gidan, wanda ba ta gane ba yana zama a hagu. Mafita mafi sauƙi ita ce fara rubuta shekara, kamar 2025-04-03.

Lambar waya ma tana da nata sharrin. Lambobin Najeriya suna farawa da sifili, manhajar kuma sai ta share shi. Ka mayar da gidajen B zuwa Plain text, ko Text a Excel, kafin ka fara zuba lambobi.

Jadawali ba ya ƙara kamar agogo. Idan ba ka buɗe shi ba, jan layin zai yi ta zama shi kaɗai. A ganina minti biyar kowace safiya, kafin kasuwa ta cika, sun isa: ka kira masu ja, ka sabunta D da E, F ta matsa gaba da kanta. Wanda cinikinsa ya ƙare, ka share masa ranar.

Sannan ka tuna sirrin mutane ne a ciki. Kada ka rubuta abin da za ka ji kunya idan hajiya ta gani, kuma idan za ka ba yaron shago damar dubawa, ka ba shi ta adireshin imel ɗinsa, kada ka zaɓi Anyone with the link.